Sauya Kaya a Hoto: Yadda Ake Daidaita Hasken Sabuwar Riga da na Fuska

A kusan kowane shagon ɗaukar hoto a garuruwanmu za ka tarar da wannan aiki. Wani zai kawo hoton mahaifinsa sanye da 'yar shara, ya ce a sa masa babbar riga domin za a yi firam. Wani zai kawo hotonsa na waya, ya ce a ɗora masa kwat saboda takardar neman aiki. Masu fastoci da kalanda kuwa kullum cikin sauya wa mutane kaya suke. Yanka rigar da ɗora ta ba ya ɗaukar ƙwararre lokaci mai tsawo, sai dai da yawa daga irin waɗannan hotuna, kallo ɗaya za ka yi musu ka gane liƙi ne, ko da bakin yankan ya fita tsaf. Mai kallo bai san dalili ba, yana dai cewa kan daban, jikin daban.

Dalilin haske ne. An ɗauki fuskar a wani haske, an ɗauki rigar a wani, kuma idon mutum ya saba tun yana yaro da ganin haske ɗaya yana sauka a kan mutum ɗaya. Ra'ayina a wannan sharhi shi ne fuskar ce alƙali, rigar ce za ta bi ta, kuma akwai jerin da ya kamata a bi: a fara da inda hasken ya fito, sai ƙarfinsa da taushinsa, sannan launinsa. Launi yana gyaruwa a kwamfuta cikin sauƙi. Inda haske ya fito kuwa da wuya ya gyaru, don haka tun wurin zaɓen riga ake yanke hukuncinsa.

Karanta fuska kafin taɓa riga

Kafin ka buɗe hoton kowace riga, ƙara girman fuskar ka dubi ƙwayar ido. Akwai ɗan ɗigon haske da ke ƙyalli a cikinta, wanda shi ne hoton abin da ya haska mutumin, rana ce ko taga ko filasha. Ɗauki ƙwayar idon a matsayin fuskar agogo. In ɗigon yana wajen ƙarfe goma, hasken ya fito ne daga sama ta hagun hoto. In yana wajen ƙarfe biyu, daga sama ta dama. In kuma yana tsakiya, ƙarami mai kaifi, filashar da ke jikin kyamara ce. Ɗigo biyu na nufin fitila biyu, kamar yadda ake yi a sutudiyo.

Shaida ta biyu inuwar hanci ce, wadda kullum take faɗawa ɓangaren da ke kishiyar hasken. Ta uku inuwar haɓa a kan wuya, kuma ita ce ta fi shafar aikinka, domin a kan wuyan sabuwar riga za ta ci gaba. A fata mai duhu akwai ƙarin taimako: goshi da ƙashin kumatu da karan hanci suna sheƙi ta ɓangaren da hasken yake, har ma sukan fi inuwar saurin nuna hanya. In mutumin yana sanye da hula, dubi gefen da ya fi haske da inda inuwarta ta sauka a goshi.

Bayan ka gane inda hasken ya fito, sai ka duba bakin inuwar. Inuwa mai kaifi, wadda za ka iya bin gefenta da alƙalami, ta ƙaramin haske mai ƙarfi ce, kamar rana tsirara ko filasha. Inuwar da ta narke a hankali ta haske mai faɗi ce, kamar ranar da gajimare ya rufe sama, ko ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ko hasken babbar taga. Riga mai ninki baƙi ƙirin da kaifin inuwa ba za ta zauna a ƙarƙashin fuskar da aka ɗauka a cikin hazo ba, ko da launinsu ya zo ɗaya.

Dabara mai kyau ita ce ka buɗe sabuwar leya a saman hoton, ka ja kibiya daga inda hasken ya fito zuwa inda inuwa ta faɗa, ka bar ta a nan har ka gama. Duk rigar da ka ɗauko, da wannan kibiyar za ka auna ta: kowane ninki gefensa da ke fuskantar gindin kibiyar ya zama mai haske, ɗayan gefen ya zama mai duhu.

Ɗumi da sanyin haske

Hasken da muke kira fari ba iri ɗaya ba ne. Ana auna launinsa da ma'aunin Kelvin. Harshen kyandir yana wajen 1900, tsohon ƙwan lantarki mai waya a ciki yana tsakanin 2700 da 3200, ranar tsaka tana wajen 5500, sama mai gajimare wajen 6500, inuwar gini kuma a ranar da sama ta washe takan kai 7000 ko fiye. Ƙaramar lamba na nufin haske mai ja da ɗorawa, wanda masu hoto ke kira mai ɗumi. Babbar lamba na nufin haske mai shuɗi, wato mai sanyi. Ido yana gyara wannan bambanci da kansa, shi ya sa farar riga take zama fara a wurinmu ko a ɗaki ko a waje. Hoto kuwa yana adana launin hasken, sai dai abin da kyamara ta rage.

Akwai wata karkata ta biyu da wannan ma'auni bai ƙunsa ba, tsakanin kore da ruwan hoda. Dogayen fitilun nan na ofis da wasu ƙwayayen lantarki masu araha sukan zuba kore a kan kaya, haka ma zama a ƙarƙashin bishiya ko rumfar biki mai launi. Shi ya sa a Camera Raw Filter na Photoshop ake da maja biyu, Temperature da Tint. A kula, jan Temperature zuwa dama ɗumi yake ƙara wa hoto, duk da cewa a ma'aunin Kelvin babbar lamba ita ce shuɗi, domin majan yana rama launin hasken da aka ɗauki hoton a cikinsa ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne a waje haske biyu ne ke aiki tare. Ɓangaren da rana ta buga yana ɗaukar launin rana, ɓangaren da ke inuwa kuma shuɗin sama ne ke haska shi. Saboda haka farar riga da yamma gefe ɗaya tana da ruwan ɗorawa, ɗaya gefen kuma toka-toka mai ɗan shuɗi. Wanda ya zuba wa rigar ɗumi gaba ɗaya zai mayar da inuwarta ruwan ƙasa, ta yi kama da rigar da ta yi datti.

Aiki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ce an kawo hoton wani dattijo da aka ɗauka a tsakar gida bayan la'asar. Yana sanye da koriyar 'yar shara da farar hula, iyalinsa kuma suna so a sa masa farar babbar riga ta shadda. Ɗigon idonsa yana wajen ƙarfe goma, inuwar hancinsa ta faɗa dama da kaifi, gefen hular na hagu yana haske. Rana ce ta yamma, daga hagun hoto.

Mai gyara yana da hoton wata kyakkyawar riga a kwamfutarsa, amma haskenta daga dama ya fito. Abin da zai fara zuwa masa shi ne ya juya ta da Flip Horizontal, haske ya koma hagu. A riga marar ado wannan yana yi. A babbar riga kuwa ba ya yi, domin aljihu da aikin aska a ƙirjin hagu na mai sawa suke, wato a daman hoto in yana fuskantar kyamara. Da ka juya ta, aikin ya koma ƙirjin dama, kuma duk wanda ya san babbar riga zai gani tun daga nesa. Haka kwat ɗin maza: aljihun ƙirji a hagu yake, kuma ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama wurin maɓalli. Juyawa tana gyara haske, ta ɓata ɗinki.

Zana sabon haske da burushi a kan tsohon ma ba mafita ba ce a nan. Za ka iya duhunta kafaɗa ɗaya ka haskaka ɗaya, amma kowane ninki da kowane zaren aiki yana ɗauke da 'yar inuwarsa da ke nuna dama, kuma a babbar riga ba su ƙirguwa. Burushi yana iya karkata haske kaɗan, kamar a mayar da na gaba ya ɗan koma gefe. Mayar da dama hagu ya fi ƙarfinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sake ɗaukar riga. A nemi wani mai jiki kusan irin na dattijon, a sa masa rigar, a tsayar da shi a waje bayan la'asar, rana ta hagun mai ɗauka. Kyamara ta tsaya a tsayin da aka ɗauki hoton farko, kafaɗunsa su karkata yadda na dattijon suka karkata, a kashe filasha. Da wannan, an gama da inda haske ya fito da kaifin inuwa tun kafin a zauna gaban kwamfuta.

Saura launi, domin ko da rana ɗaya ce, wayar da aka ɗauki rigar da ita ta rage ɗumin yamma da kanta, ta mayar da rigar fara fat. Nan ne ake barin ido a koma lamba. A nemi abin da aka san fari ne ko toka-toka a hoton asali, a nan hular ce. Farin ido ba abin dogaro ba ne, domin na mutane da yawa yana da ja ko ɗorawa. A ɗauki Color Sampler Tool, a sa Sample Size a 11 by 11 Average don kada ɗigo ɗaya ya yaudare ka, a ajiye alama a gefen hula mai haske da gefenta mai inuwa, a yi haka a kan rigar, sannan a karanta a Info. A guji wurin da ya ƙone fari, inda lambobin suka kai 255, domin babu launin da ya rage a ciki. A ce ga abin da aka samu:

```
             R    G    B
hula haske  236  222  196
riga haske  244  243  240
hula inuwa  112  110  118
riga inuwa  150  152  160
```

R ja ne, G kore, B shuɗi, kuma in ukun suka zo daidai, wurin ba shi da launi. A hasken hula, ja ya fi shuɗi da 40, a hasken riga kuma da 4 kacal. Wannan tazara ita ce ɗumin da rigar ta rasa. A inuwa kuwa shuɗi ne ke gaba a duka biyun, da 6 a hula, da 10 a riga, wato launin inuwar rigar ya kusa daidai, duhu ne bai ishe ta ba. Lambobin sun faɗi aikin da za a yi: a ɗumama haske, a duhunta inuwa, kada a ɗumama ta.

A buɗe leyar Curves a saman rigar, a maƙala ta da ita da Create Clipping Mask don kada gyaran ya taɓa fuska. A shiga Red, a kafa maki biyu a kan layin: na farko Input 244, Output 236, na biyu Input 150, Output 112. A Green, 243 ya koma 222, 152 ya koma 110. A Blue, 240 ya koma 196, 160 ya koma 118. Nan take rigar za ta ɗauki ruwan yamma a hagu, ta yi sanyi a dama, kamar hular. Ba dole lambobin su zo daidai ƙwaya da ƙwaya ba, domin farin sabuwar shadda ya fi na hular da ta sha wanki haske, don haka in ka ga ɗorawar ta yi yawa, rage Opacity na leyar kaɗan.

Sai a duba wuri mafi duhu. In baƙin da ya fi kowane duhu a hoton asali yana wajen 28, kamar a ƙwayar ido ko cikin kunne, kada ninkin riga ya sauka zuwa 5. A ɗaga ƙasan layin Curves har su yi kusa. Wannan ya fi muhimmanci a tsohon hoton kati da aka kwafa, wanda baƙinsa ya koɗe, launinsa kuma ya karkata ja. Sabuwar riga dole ta koɗe tare da shi, ko kuma a fara gyara tsohon hoton gaba ɗaya kafin a kawo rigar.

In rigar mai launi ce, shuɗiya ko ruwan goro, babu farin da za a auna a jikinta. Maganin shi ne lokacin ɗaukarta mutumin ya riƙe farar takarda a ƙirji a hoto ɗaya, sannan a sake ɗauka ba takarda ba tare da an matsa ba. Da takardar za a fitar da lambobin Curves, sai a ɗora gyaran a kan rigar. Akwai Match Color da ke yin wannan aiki da kansa, amma yana kwaso launin duk abin da ke hoton, har bango da fata, sai dai in ka zaɓe masa wurin da zai duba. Ga farawa yana da amfani, ga gamawa lambobin Info sun fi shi aminci.

Inda riga ta haɗu da jiki

Wuya shi ne mahaɗa, kuma nan ne idon mai kallo ke sauka bayan fuska. Inuwar haɓar dattijon ta sauka a wuyansa ta karkata dama, amma ta yanke a bakin sabuwar riga, domin haɓar wanda aka ɗauki rigar a jikinsa an yanke ta tare da kansa, inuwarta kuma ba lallai ta dace ba. A buɗe sabuwar leya, a sa ta a Multiply, a maƙala ta da rigar. Kada a yi amfani da baƙi. A ɗebo launi daga inuwar hula, a zana ci gaban inuwar a kan wuyan riga da burushi mai rauni, tana bin kibiyar da aka ja tun farko. Kaifin bakinta ya yi daidai da na inuwar hanci. Bayan haka a ja wani siririn duhu daidai inda yadi ya taɓa fata, domin haske ba ya shiga wannan lungu, kuma rashinsa ne ke sa riga ta yi kamar tana shawagi.

Tsohuwar riga ma ta bar sawu. Rana ta bugi koriyar 'yar sharar, ta mayar da kore a ƙarƙashin haɓa da gefen wuya. In aka bar shi, za a ga mutum cikin farar riga da koren haɓa. A buɗe leya a Color, a ɗebo launin fata daga kumatu ta ɓangaren inuwa, a shafa a wurin a hankali. Tun da farar riga tana mayar da haske sama, ya dace a ɗan haskaka ƙasan haɓar kaɗan, yadda ba za a lura ba.

Yadi ma yana da nasa hali. Shaddar da ta sha bugu tana sheƙi, kuma sheƙin yana ɗaukar launin abin da ya haska ta kai tsaye, don haka sheƙi fari mai shuɗi a ƙarƙashin fuskar yamma yana tona asiri ko da sauran rigar ta daidaita. Atamfa da yadin auduga ba su da wannan matsala sosai, shi ya sa suka fi sauƙin zama. Daga ƙarshe, in hoton asali yana da ɗan dishi-dishi da tsaki, rigar kuma ta fita tar, a sassauta ta da Gaussian Blur kaɗan, a ƙara mata tsaki da Add Noise har su yi kama.

Yadda ake gane an dace

Ido yana sabawa da kuskure in ya daɗe yana kallonsa, don haka a gwada aikin ta hanyoyin da ke raba tambayoyin. A ɗora leyar Black & White a saman komai. Launi ya tafi, saura haske da duhu, kuma in kafaɗar da ta fi haske ba ta ɓangaren kuncin da ya fi haske take ba, za ta fito fili. A kashe wannan, a ɗora Hue/Saturation, a ja Saturation sama sosai. Hoton zai yi muni, amma duk ɓoyayyen launi zai bayyana: in hula ta koma ruwan goro, riga kuma ta koma shuɗiya ko koriya, da sauran aiki. Sannan a rage hoton ya koma ƙarami kamar na katin shaida, a dube shi daga nesa. A tabbata kuma an kashe tsarin kare ido na dare a kwamfuta ko waya, domin yana zuba ɗorawa a allo, ya sa mai gyara ya cika shuɗi bai sani ba. In za a buga babban firam, a fara buga ƙaramin gwaji.

Akwai hotunan da ke da wuyar sha'ani. Wanda aka ɗauka a ɗaki kusa da taga da ƙwan lantarki a kunne yana da sanyi a gefe ɗaya, ɗumi a ɗaya gefen, kuma yana buƙatar Curves biyu, kowace da ɓangarenta. Wanda rana take bayansa yana da layin haske a gefen kunne da hula, kuma dole layin ya ci gaba a kan kafaɗun riga. Hoton filashar gaba shi ne mafi sauƙi, muddin rigar ma da filasha aka ɗauke ta, domin riga mai inuwar gefe ba ta zama a ƙarƙashin fuskar da haske ya bugo ta gaba.

Ga masu shago da ke wannan aiki kullum, shawarata ita ce ku tara hotunan rigunanku da kanku, kowace riga a ɗauke ta da haske daga hagu, daga dama, daga gaba, da kuma a inuwa, tare da farar takarda, a ajiye su bisa inda hasken ya fito. In aka kawo hoto, a karanta fuskar tukuna, sannan a ɗauko rigar da ta dace da ita. In kuma rigar da mai hoto ya nace a kai haskenta ya saɓa wa na fuskarsa, a gaya masa gaskiya, a nemi a sake ɗaukarta, domin Curves launi da duhu take gyarawa, ba ta mayar da rana daga dama zuwa hagu.